Shugaban da ba a kawo wa ƙara, ya binciki kansa

Akwai wani alfahari da shugabannin ma'aikatu suke yi wanda ni ba na jin daɗinsa. Za ka ji hedimasta, ko incajin asibiti, ko manajan wata ƙungiyar manoma yana cewa, "Mu nan lafiya lau muke zaune, shekara biyu ba wanda ya taɓa kawo mini ƙarar wani." Yana faɗa yana murmushi, masu sauraro suna sa albarka. A ganina wannan magana ce da ya kamata ta hana shi barci. Mutum bakwai ko goma ba za su yi shekara biyu suna raba aiki da kuɗi da ranakun hutu ba tare da wani ya ji an danne shi ba. Idan maganar ba ta iso teburin shugaba ba, to wani wuri ta tafi, kuma can inda ta tafi ɗin ta fi ɓarna.

Hausa ba ta rasa sunayen wannan abu ba. Muna da gaba, muna da ƙullaci, muna da cin dunduniya da zagon ƙasa, muna da habaici da gugar zana, muna da "ta ciki na ciki." Yawan sunayen kawai ya isa ya nuna mun san cutar sosai. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne me ya sa take yawa a ƙarƙashin wani shugaba, ta yi ƙaranci a ƙarƙashin wani, alhali ma'aikatan iri ɗaya ne, albashin ma ɗaya ne.

Wata Ba'amurkiya mai suna Amy Edmondson ta ci karo da amsar ba da niyya ba. Tana ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Harvard ta shiga wani bincike kan kurakuran ba da magani a asibitoci biyu, inda ta duba rukunonin nas-nas guda takwas. Zatonta shi ne rukunin da ya fi haɗin kai da shugabanci nagari zai fi ƙarancin kuskure. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasin haka: rukunonin da suka fi kyau su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Sai aka tura wani mai bincike da bai san abin da take zato ba, ya je ya zauna da rukunonin ya ga yadda suke aiki. Abin da ya bayyana shi ne, a wasu rukunonin nas tana iya cewa "na yi kuskure" ba tare da fargabar wulaƙanci ba, don haka ake rubutawa. A wasu kuwa kowa ya san abin da zai biyo baya, don haka ake binnewa. Ta buga wannan a 1996. A 1999 ta sake gwadawa a kan rukunonin aiki 51 na wani kamfani, ta kuma bayyana abin da cewa yarda ce da 'yan rukuni suka yi tarayya a kanta, cewa wanda ya yi tambaya, ko ya amsa kuskure, ko ya saɓa wa na gaba, ba za a kunyata shi ko a hukunta shi saboda buɗe bakin ba. Ni zan kira shi amincin baki.

Darasin da shugaba zai ɗauka a nan mai ɗaci ne. Littafin da babu kuskure a ciki, da taron da babu ƙorafi a ciki, suna iya zama shaidar tsoro. To bari mu sauko da maganar gida.

Mu ƙaddara wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Wasagu. Ba wani asibiti na musamman nake nufi ba, misali ne, amma duk wanda ya san irin waɗannan wurare zai gane shi. Ma'aikata bakwai ne: incaji, ma'aikatan lafiya uku, ungozoma, mai shara da maigadi. Akwai firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana. Ƙa'idar firjin ita ce sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, kuma a duba ma'auni a rubuta sau biyu kullum, safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Wata mai kwana 30 ke nan gurbi 60 a jikin takardar da ke manne da firjin. Dalilin tsanantawar shi ne zafi yana kashe ƙarfin wasu allurai, ƙanƙara kuma tana lalata wasu, kamar allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi wa jarirai. Ɗan tambarin da ke jikin kwalba yana canza launi idan zafi ya taɓa ta, amma ba ya nuna cewa ta daskare. Saboda haka takardar nan ita ce idon incaji a lokutan da ba ya nan.

Wata rana incaji ya tsaya ya kalli takardar da kyau. Gurabe 60, kusan duk an rubuta 5. Safiyar hunturu 5, yammacin da rana ta ƙwalle 5. Rubutun Asabar da Lahadi da na safiyar Litinin duk da biro ɗaya, hannu ɗaya, kamar a zama ɗaya aka yi su. Firjin gaskiya ba ya haka, yana hawa yana sauka, yau 4 gobe 6. Wanda aka ɗora wa duba firjin a ƙarshen mako, wato ƙaramin cikin ma'aikatan lafiyar, ba ya zuwa. Ranar Litinin yake cike guraben.

Abin da incaji bai sani ba tukuna shi ne kowa a asibitin ya san haka tun watanni. Ungozoma ta sani. Maigadi ya fi kowa sani, tunda shi ke riƙe da ƙofa. Ba wanda ya faɗa, sai dai maganar tana fita ta wata kafa. Ranar Litinin da safe sai babbar ma'aikaciya ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Wasu dai firjinsu ya fi agogo daidaito." A yi dariya, yaron ya haɗiye. Shi ma yana da tasa a ciki. Asibitin yana fita ƙauyuka sau huɗu a wata don yi wa yara allura. A cikin fita huɗun, uku shi ake turawa, kuma shi ke zuwa ƙauyen da ya fi nisa, a kan babur, a hanyar da kowa a Danko/Wasagu ya san ba a binta da kwanciyar rai a shekarun nan. Ɗan abin da ake bayarwa na mai da alawus kuwa daidai ake raba shi tsakanin su uku. A lissafinsa, tunda shi ke sayar da rai ranar Laraba, ba zai kuma ba da Lahadinsa ba. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan lissafin ba. Firjin ne yake biyan bashin, da yaran da za a yi wa allurar da ba wanda zai iya rantsuwa a kan ingancinta.

Yanzu incaji yana da hanya biyu. Ta farko ita ce wadda aka saba: ya ɗaga takardar a gaban kowa, ya yi faɗa, ya rubuta takardar tuhuma. Yana da hujja, ƙarya aka rubuta a takardar hukuma. Amma mu duba abin da sauran shida za su koya. Za su koyi cewa laifin yaron shi ne bai iya ƙarya ba. Wata mai zuwa takardar za ta zo da 4 da 6 da 5 a gauraye, da biro kala biyu, incaji ya rasa ko da alamar da ta tona asirin. Yaron kuma zai tabbata wani ne ya kai shi, zai zaɓi wanda yake zargi, gabar da take habaici ta koma ba a ga maciji. Maganar fita ƙauye, wadda ita ce tushen, ba wanda ya taɓa ta.

Hanya ta biyu ta fi wuya ga mai muƙami, domin tana buƙatar ya haɗiye fushinsa na minti goma. Ya kira yaron su biyu, bayan an tashi, ya ajiye takardar tsakaninsu.

"Malam, na duba takardar nan na ga ba ta yi kama da firjin gaskiya ba. Ban kira ka don tuhuma ba. So nake in san me ke hana a duba shi Asabar da Lahadi."

"Wallahi Yallaɓai ana dubawa."

"To. Ni dai na san da ni aka ce in zo safe da yamma duk ƙarshen mako, wata da watanni, da sai na gaji. Ni na tsara jadawalin, kuma ina zargin ban tsara shi daidai ba. Ina ne ya fi matsa maka?"

Yaron zai yi shiru, ya kalli ƙasa. Wannan shirun shi ne wurin da yawancin shugabanni suke faɗuwa, sai su cike shi da nasiha. Idan incaji ya daure ya bar shirun, abin da zai fito ba maganar firji ba ce. "Yallaɓai, ba don raini ba, amma fita ƙauyen nan..." Daga nan sauran ya biyo.

Ku lura da abin da ya yi. Bai ce ƙaryar ba komai ba ce. Ya fara da abin da ido ya gani a takarda, bai fara da halin mutum ba. Ya ɗora wani kaso na matsalar a kan tsarin da shi ya yi, wanda hakan ya buɗe wa na ƙasa ƙofar sukar tsarin ba tare da ya zama ya soki Yallaɓai ba. Bayan haka dole ya yi abubuwa uku a makon. Ya sanar da jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma a Ribah cewa takardun baya ba abin dogaro ba ne, don a duba alluran da ke cikin firjin. Ya rubuta sabon jadawali a manna a bango: fita huɗu, mutum uku, ƙauye mai nisa yana zagayawa, ƙarshen mako yana zagayawa, shi kansa incaji ya ɗauki ɗaya. Kuɗin mai kuma ya bi wanda ya hau babur. Sannan ya gaya wa yaron a fili cewa daga yau gurbin da ba a duba ba a bar shi fari, a zo a faɗa, amma in aka sake cike shi da ƙarya to takardar tuhuma za ta fito. Gurbi fari yana gaya wa shugaba inda tsarinsa ya yage. Gurbin ƙarya kuwa rufe masa ido yake yi.

Me ya sa wannan ke rage rikicin ɓoye, ba kawai ya gyara takarda ba? Masu nazarin ma'aikatu, musamman Karen Jehn a wani bincike da ta buga a 1995, sun raba saɓani gida biyu: saɓani a kan aiki, da saɓani a kan mutum. "Jadawalin nan bai yi adalci ba" saɓanin aiki ne, ana iya warware shi da biro da takarda. "Matar nan ba ta ƙaunata" saɓanin mutum ne, biro ba ya warware shi. Abin da nake gani shi ne na farko ne yake rikiɗa ya zama na biyu idan ya daɗe a ciki. Wanda bai samu damar tambayar dalili ba, shi zai ƙirƙiro wa kansa dalili, kuma zuciya ba ta ƙirƙiro mai daɗi. Watan farko yaron yana cewa jadawali ne. Wata na shida yana cewa don shi ba ɗan kowa ba ne.

A ƙasar Zuru wannan rikiɗar tana da hanya a share. Ma'aikata bakwai a asibiti ɗaya suna iya haɗa Badakkare da Bahaushe da Bafulatani, wani Juma'a ce ranarsa, wani Lahadi. Jama'ar nan sun daɗe suna zaune tare, gida ɗaya ma ana samun masallaci da coci. Amma ƙorafin da aka hana fita yakan nemi rigar da ta fi kusa ya saka. Rikicin da asalinsa kuɗin mai ne sai ka ji ya koma "su" da "mu." Idan ya kai nan, incaji ba zai iya kashe shi da sabon jadawali ba, domin kowane jadawali za a karanta shi da wannan idon. Ribar amincin baki ga shugaba ita ce matsala tana iso masa tun tana maganar babur da Lahadi, lokacin da ikonsa ya isa ya gyara.

Marubuta za su so wannan: a gona, ko a aikin gayya ko a golmon samarin Dakarkari, kunyar kowa a fili take, wanda ya bar tasa baya kowa na gani, a yi masa tsiya a wuce. A ofis kuwa ɗaya kunyar ce take rufe komai. Shi ya sa shawarar da ake kwasowa daga littattafan waje, cewa shugaba ya ce "ƙofata a buɗe take," ba ta aiki a nan yadda ake zato. Yaron da aka tarbiyyantar da shi kada ya haɗa ido da babba ba zai shiga ofishin Yallaɓai don ya ce jadawalinsa bai yi ba, ko da an cire ƙofar gaba ɗaya. Haka tambayar ƙarshen taro, "Akwai mai magana?", amsarta a wurinmu ɗaya ce, "Babu, Allah ya ƙara girma." Shugaba ne zai je ya nemo maganar. Ya yi tambaya ƙarama mai amsa, irin "wane aiki ne a makon nan ya fi cin ranka?" A taro ya fara da na ƙasa, mai shara da maigadi, ya ajiye nasa ra'ayin sai ƙarshe, domin da zarar ya furta nasa, sauran sai amin. Wanda ba zai iya magana a gaban jama'a ba a same shi a gefe, a inuwa, bayan an gaisa an tambayi iyali. Kuma al'adarmu ta aiko da magana ta bakin dattijo ba abin raini ba ce. Idan Baba maigadi ya ce, "Yallaɓai, yaran nan kamar akwai abin da ke damunsu," saƙo ne aka ba shi.

Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin wannan da ajiye ɗan rahoto. Shugabanni da yawa da suka ji shirun ya dame su, sai su zaɓi mutum ɗaya ya riƙa kawo musu abin da ake faɗa. Wannan shi ne mafi saurin kashe amincin baki. Ma'aikata suna gano ɗan rahoto cikin mako biyu, daga nan hira ta mutu in ya shigo, ko a juya harshe zuwa wanda ba ya ji. Shugaban kuma labari ɗaya yake samu, wanda ya bi ta son ran mutum ɗaya. Dattijon da aka aiko, masu maganar ne suka zaɓe shi, ɗan rahoto kuwa shugaba ne ya dasa shi a kansu. Idan wani ya kawo maganar wani, amsar da ta dace ita ce, "Za ka iya maimaita wannan in na kira shi mu zauna mu uku?" Mai gaskiya yakan yarda, ko da da ɗari-ɗari. Mai cin dunduniya ba ya dawowa.

Ban ce abin ba shi da tsada ba, kuma ina ganin masu yaba shi sukan ɓoye tsadar. Watanni na farko ƙorafi ƙaruwa zai yi, kamar yadda kurakuran rubuce suka fi yawa a rukunonin Edmondson masu kyau. Incajin da da yake shan shayinsa lafiya yanzu kullum da mai sallama. Wani ƙorafin shirme ne, wani son kai ne, wani kuma a kansa ne shi incajin, daga bakin yaron da ya girme wa da shekara ashirin. Abokansa za su ce ya sake, yara sun raina shi. A nan ne ake gane ko da gaske yake, domin rukunin duka suna kallon abin da zai sami mutum na farko da ya faɗi marar daɗi. Ba sai an ba shi takardar tuhuma ba. Ya isa a ɗaure masa fuska kwana uku, ko sunansa ya ɓace daga jerin masu zuwa bita a Birnin Kebbi. Kowa zai karanta, kuma shekara ba za ta goge karatun ba. An ce babba juji ne, to wannan ne wurin da karin maganar take neman a biya ta.

Akwai kuma iyaka. Amincin baki ba ya biyan albashin da aka riƙe, ba ya kawo ma'aikaci na takwas, ba ya gyara hanyar ƙauye. Idan incaji ya saurari ƙorafi goma bai taɓa ko ɗaya ba, ya fi wanda bai saurara ba ɓarna, don ya koya wa mutane cewa magana ɓata yawu ce. Abin da ya fi shi ne ya raba ƙorafin a gaban mai shi: wannan a hannuna yake, zan yi kafin Juma'a, wannan na Ribah ne, zan rubuta kuma zan nuna maka kwafin, wannan kuwa ban yarda da kai ba, ga dalilina. Na ukun ma yana rage gaba, domin wanda aka ba dalili yana iya jin haushi, amma ba sai ya ƙirƙiro nasa dalilin ba. Sannan idan rashin adalcin daga shugaban ne da gangan, misali shi ke cin kuɗin man, to duk wannan zance ba nasa ba ne. Shi shirun yake so, kuma ya san dalili.

Wanda yake son ya san inda rukuninsa yake, ba sai ya raba takardar tambayoyi ba. Ya tuna yaushe ne na ƙarshe da wani na ƙasa ya ce masa "Yallaɓai, ina ganin ba haka ba ne," da abin da ya sami mutumin bayan nan. Ya duba ko labarin matsalar asibitinsa daga ma'aikatansa yake fara jinsa, ko daga sakatariya bayan takardar ƙorafi marar sa hannu ta riga shi isa. Ya lura ko hutun rashin lafiya yana yawan faɗowa ranar fita ƙauye. A asibitin misalinmu, wata uku bayan sabon jadawali, incaji zai so ya ga takardar firji mai 3 da 6 da 7, da hannu huɗu daban-daban, da gurabe biyu ko uku farare waɗanda aka zo aka gaya masa dalilinsu tun safiyar Litinin.